Yadda na bi sawun dalilin da ya hana talabijin buɗe bidiyon walima daga had-dis

Abin da na fahimta bayan da na sha fama da wani had-dis da tsohon talabijin ɗin gidanmu shi ne, idan aka ce talabijin ya ƙi karanta filashi ko had-dis, matsaloli uku daban-daban ake haɗawa a magana ɗaya, kuma kowace tana da alamarta. Akwai ta wuta, akwai ta tsarin da aka yi wa abin ajiyar fomatin da shi, sannan akwai ta kodek, wato hanyar da aka matse hoto da sautin bidiyon. A jere suke, sai an wuce ta farko ake ganin ta biyu, shi ya sa mutum yake iya gyara ɗaya daidai amma ya ga kamar bai yi komai ba, domin wata tana jira a gaba.

Bidiyon da na yi aikin a kansa na walimar saukar Alƙur'ani ne ta 'yar ƙanwata. Mahaifiyarmu ba ta samu halarta ba saboda ciwon ƙafa, kuma ta fi son ta kalla a talabijin ɗin ɗakinta, wanda aka saya wajen shekarar 2013, domin rubutu da fuskoki a waya sun yi wa idonta ƙanana. Mai ɗaukar hoton ya kawo aikin a had-dis na tarabait 1, irin ƙaramin nan da ba shi da wayar wuta ta kansa, a ciki akwai hotuna da kuma bidiyon da ya tace, fayil guda mai tsawon sa'a 2 da minti 10, nauyinsa kusan gigabait 11.7. A kwamfuta yana buɗewa sumul.

Da na soka shi a bayan talabijin, 'yar fitilarsa ta kama, sai na ji yana wani ƙas-ƙas a hankali, ya fara juyi ya tsaya, ya sake farawa. Wannan alamar ta wuta ce, ba ta shafi fomatin ba ko kaɗan. Had-dis irin wannan yana da faifai mai juyi a ciki, kuma a lokacin tashi yakan ja wuta fiye da abin da ramin USB 2.0 na yau da kullum yake bayarwa, wato amfiya 0.5. Na haska bayan talabijin ɗin da tocilar waya, na ga ramuka biyu, ɗaya an rubuta `5V 0.5A` a gefensa, ɗayan kuma `HDD 5V 1A`. Na mayar da shi rami na biyu, ƙarar ta ɗauke, na ɗora yatsa a kansa na ji yana juyi ba yankewa. Wanda talabijin ɗinsa ba shi da irin wannan rami, sai ya nemi mahaɗar USB mai cajarta daban, ko ya koma ga filashi, wanda ba ya cin wuta sosai.

Duk da haka talabijin bai nuna komai ba. Na shiga jerin hanyoyin shigar hoto da rimot, wurin USB yana nan a dushe, kamar ba a soka komai ba. Wani mai gyara a unguwarmu da na yi wa bayani ya ce mini, “Malam, ai fomatin kawai za ka yi masa, ya wuce wurin.” Ban bi shawarar ba, domin fomatin yana share duk abin da ke ciki, kuma mai hoton ya riga ya shaida mini cewa ya goge nasa kwafin don ya samu wurin wani aiki. Ina ganin wannan ne wurin da ya fi kowane haɗari a lamarin nan, musamman da yake wasu talabijin masu iya naɗar shirye-shirye da kansu suke tambaya ko a yi wa abin da aka soka fomatin, kuma danna maɓalli ɗaya ya isa ya tafi da tarihin iyali gaba ɗaya. Kafin na taɓa komai sai da na kwafe dukan abin da ke had-dis ɗin zuwa kwamfutata.

Daga nan na duba tsarinsa. A Windows 10, idan aka danna dama a kan had-dis ɗin aka zaɓi `Properties`, akwai layin `File system`, kuma abin da na gani a gabansa shi ne `exFAT`. Na kira mai hoton, ya ce, “Yallaɓai, a Mac nake tacewa, shi ya sa nake mayar da su haka, domin su buɗe a kowace kwamfuta.” Gaskiyarsa ce, domin exFAT tsari ne da Mac da Windows duk suke karantawa suna kuma rubutawa a kansa, kuma ba ya ƙin babban fayil. Sai dai talabijin ba kwamfuta ba ce. 'Yar manhajar da ke cikinsa ta san tsarin da aka koya mata a masana'anta ne kawai, kuma ko da yake Microsoft ya fito da exFAT tun 2006, sai a 2019 ya wallafa bayanin tsarin a fili ga kowa, kafin nan kuwa kamfanin da zai sa shi a na'urarsa sai ya nemi lasisi. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa talabijin da yawa na wancan zamani ba su san shi ba. Na samo littafin talabijin ɗin a cikin durowa, a shafin da ya yi bayanin USB na ga an ambaci FAT16 da FAT32 kaɗai. Ko NTFS, wanda yawancin had-dis suke zuwa da shi daga kanti kuma talabijin da dama suna karanta shi, ba ya cikin jerin.

Akwai wani abu ƙarƙashin wannan da mutane ba su cika dubawa ba, wato teburin da ke gaya wa na'ura yadda aka kasa abin ajiyar. Iri biyu ne, tsohon shi ne MBR, sabon kuma GPT. A cikin `Disk Management`, na danna dama a kan lambar had-dis ɗin, na shiga `Properties` sannan `Volumes`, na ga layin `Partition style` yana cewa `GUID Partition Table (GPT)`. Tsofaffin talabijin da yawa MBR kaɗai suka sani, saboda haka ko da na mayar da had-dis ɗin FAT32, in dai teburin yana nan a GPT, mai yiwuwa ne ya ci gaba da ɓuya. Wannan ne yake sa a ji mutum yana rantsuwa cewa ya yi fomatin zuwa FAT32 amma har yanzu shiru.

Na yanke shawarar barin had-dis ɗin yadda yake, in yi aiki da wani filashina mai gigabait 64. Shi ma da exFAT ya zo, kamar yadda akasarin filashin da suka wuce gigabait 32 suke zuwa, kuma da na buɗe akwatin `Format` na Windows ban ga FAT32 a cikin zaɓin ba. Dalili shi ne Windows ya daɗe yana ƙin yi wa abin da ya haura gigabait 32 fomatin FAT32, alhali shi tsarin yana iya ɗaukar har tarabait 2. Hanyar da na bi ita ce in yanka wani sashe na filashin da bai kai wannan iyaka ba, in bar sauran haka nan. Na buɗe `Command Prompt` da ikon mai kula da kwamfutar, na rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
diskpart
list disk
select disk 2
clean
convert mbr
create partition primary size=30000
format fs=fat32 quick
assign
```

Lambar 2 da ke nan ta filashina ce a tawa kwamfutar, a wata kwamfutar za ta iya zama daban. Umarnin `list disk` yana nuna kowane abin ajiya da girmansa, kuma da girman ake gane wanda ake nufi, domin `clean` ba ya tambaya, nan take yake share teburin duk abin da aka zaɓa. Na cire had-dis ɗin walimar daga kwamfutar kafin na fara, domin kada ma ya bayyana a jerin. Lambar 30000 kuma megabait ce, wato ƙasa kaɗan da gigabait 30. Na jefa hotuna biyu irin JPG a ciki na kai ɗakin Hajiya, ina sokawa talabijin ya nuna an haɗa USB, hotunan suka fito. A nan na tabbatar da cewa batun tsarin fomatin ya ƙare.

Da na zo kwafe bidiyon sai Windows ya ƙi, ya ce `The file is too large for the destination file system`, alhali filashin kusan wayam yake. Saƙon yana rikita mutane, suna ɗauka wuri ne ya cika, amma abin da yake nufi shi ne FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4. Tsarin ya fito ne a 1996, kuma gurbin da ya tanada don rubuta girman fayil ba ya iya ɗaukar lambar da ta wuce bait 4,294,967,295. Ko filashin ya kai tarabait, wannan iyaka ba ta motsi. Wanda talabijin ɗinsa yake karanta NTFS ya huta da wannan, domin sai ya yi fomatin zuwa NTFS ya kwafe fayil ɗin ɗungurungum. Ni kuwa dole in yanka bidiyon gida-gida.

Kafin in ɓata lokaci a kan yanka, na ga ya fi kyau in fara sanin ko talabijin zai iya kunna bidiyon ma tukuna. Na yi amfani da FFmpeg, manhaja ce ta kyauta da ake ba ta umarni a rubuce, na ciro minti ɗaya daga cikin bidiyon ba tare da na canza komai a cikinsa ba:

```
ffmpeg -ss 00:20:00 -i walima.mp4 -t 60 -c copy gwaji.mp4
```

Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya gama, domin `-c copy` kwafewa kawai yake yi. Talabijin ya ga fayil ɗin, ya nuna sunansa, da na danna sai muryar ɗalibai suna karatu ta fito tar, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin, da wani ɗan rubutu a ƙasa da ke cewa ba ya goyon bayan kodek ɗin bidiyon. Hajiya ta ce, “To ai ga muryarsu nan, ina su yaran?” Wannan ita ce alama ta uku, kuma ta bambanta da biyun farko sarai: na'urar ta bayyana, fayil ya bayyana, amma ko dai sauti ya fito babu hoto, ko hoto ya fito babu sauti, ko a ƙi buɗe shi gaba ɗaya.

A nan ne na fi daɗewa ina tunani, domin littafin talabijin ɗin ya rubuta ƙarara cewa yana kunna MP4, kuma fayil ɗina MP4 ne. Amsar ita ce MP4 da MKV da AVI da MOV sunayen mazubi ne kawai, ba su ne ainihin bidiyon ba. Kamar ambulan ne da wasiƙa: ambulan iri ɗaya ne, amma wata wasiƙar da boko aka rubuta ta, wata da ajami, kuma wanda bai koyi ajami ba zai iya buɗe ambulan ɗin amma ba zai karanta ba. A cikin MP4 guda akwai zaren hoto da zaren sauti, kowanne da kodek ɗinsa, shi ya sa talabijin ya iya karanta sautin ya kasa hoton. Saboda haka canza ƙarshen sunan fayil, kamar a mayar da `.mkv` ya koma `.mp4`, ba ya gyara komai, ko da yake na sha jin ana ba da wannan shawara a shagunan masu tura fina-finai.

Domin in ga abin da ke ciki, na buɗe bidiyon a VLC, manhajar kunna bidiyo a kwamfuta, na danna `Ctrl+J`. A gaban kodek na hoto na ga `MPEG-H Part2/HEVC (H.265)`, girmansa 1920 da 1080, hoto 50 a kowace daƙiƙa, launinsa kuma mai bit 10. Sautin AAC ne. Na koma littafin, a teburin da ke ƙarshensa na ga cewa a ƙarƙashin MP4 an rubuta H.264, hoto 30 a daƙiƙa mafi yawa. An kammala ƙa'idar H.264 a 2003, ita kuwa H.265 sai a 2013, shekarar da aka sayi talabijin ɗin, wato an ƙera shi kafin na'urori su fara zuwa da ita. Kuma talabijin ba ya warware bidiyo da manhaja kamar yadda VLC yake yi a kwamfuta, wani ɗan guntu ne a jikin allon na'urarsa yake wannan aiki, kuma abin da aka gina shi a kai shi kaɗai ya iya. Don haka sabunta manhajar talabijin ba kasafai yake ƙara masa sabon kodek na hoto ba. Matsalar kuma ƙaruwa take yi, domin tun 2017 wayoyin iPhone suke ɗaukar bidiyo da H.265 in ba a canza saitin ba, kuma wayoyi da kyamarori da yawa sun bi sahu, saboda yana ba da kyan hoto iri ɗaya a nauyin da ya yi ƙasa sosai.

Abubuwa uku ke nan suka saɓa wa talabijin ɗin a fayil guda: kodek ɗin kansa, launi mai bit 10 a maimakon 8, da hoto 50 a daƙiƙa. Na ambaci biyun ƙarshe ne domin mutum yana iya mayar da bidiyo H.264 amma ya bar shi a bit 10, talabijin ya sake ƙi, domin kusan duk na'urorin gida H.264 mai bit 8 kaɗai suke kunnawa. Ga umarnin da na yi amfani da shi, kuma a kan 'yar guntuwar minti ɗayan nan na fara gwada shi:

```
ffmpeg -i gwaji.mp4 -c:v libx264 -profile:v high -level 4.1 -pix_fmt yuv420p -r 25 -crf 21 -maxrate 8M -bufsize 16M -c:a aac -b:a 160k -ac 2 gwaji2.mp4
```

Sashen `libx264` shi ne yake mayar da hoton H.264, `yuv420p` yana sauko da launi zuwa bit 8, `-r 25` kuma yana rage hotunan zuwa 25 a daƙiƙa, wato rabin 50 daidai, domin kada motsi ya riƙa sarƙewa. Matakin 4.1 shi ne wanda tsofaffin na'urori masu 1080 suka saba da shi, kuma ba ya ɗaukar hoto 50 a wannan girma. Na sa sautin ya zama AAC mai lasifika biyu duk da cewa dama AAC ne, domin in rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. Wanda matsalarsa ta sauti ce kaɗai, kamar fim mai sautin DTS da ke nuna hoto babu murya, ba ya bukatar wahalar canza hoton, sai ya rubuta `-c:v copy` ya canza sautin kawai, aikin ya ƙare cikin 'yan mintoci. Na kuma duba a VLC na ga launin bidiyon BT.709 ne, wato na yau da kullum, ba irin HDR mai ƙarin haske da launi ba, domin da HDR ne, saukar da shi bit 8 kai tsaye zai sa launuka su koɗe, sai an ƙara wani mataki na daidaita su.

Guntuwar ta buɗe, hoto da sauti tare, har ana ganin zanen zayyanar da ke jikin allon da yarinyar take riƙe da shi. Sai a lokacin na sa cikakken bidiyon a wannan umarni, na ba sabon fayil ɗin suna `sabo.mp4`. Aikin yana cin lokaci da batir ƙwarai, kwamfutar tana ɗumi, fankarta tana kuka, don haka na jira sai da aka kawo wuta da dare, domin idan kwamfuta ta mutu a tsakiya, fayil ɗin MP4 da bai kammala ba yawanci ba ya buɗewa, sai an sake daga farko. Wanda ba ya son rubuta umarni yana iya yin kusan wannan aikin da HandBrake, ita ma kyauta ce, ya zaɓi saitin `Fast 1080p30`.

Saura yanka. Lissafinsa mai sauƙi ne: megabit 8 a daƙiƙa daidai yake da megabait 1 a daƙiƙa, saboda haka gigabait 4 zai cika a wajen minti 70. Na yi tunanin matse bidiyon duka ya shiga fayil guda, amma sa'a 2 da minti 10 daƙiƙa 7,800 ne, wanda ke nufin sai na sauko ƙasa da megabit 4.4 a daƙiƙa, kuma a taro irin wannan, mai cike da shadda da leshi da kyamarar da ke yawo a hannu, a nan ne hoto yake fara dagulewa, fuskokin na nesa su narke. Na fi son a samu fayil uku masu kyau. Na yanka shi minti 45 45, wanda ko a mafi nauyinsa bai wuce gigabait 2.8 ba:

```
ffmpeg -i sabo.mp4 -c copy -map 0 -f segment -segment_time 2700 -segment_start_number 1 -reset_timestamps 1 walima_%02d.mp4
```

Ya fitar da `walima_01.mp4` zuwa `walima_03.mp4`, na ƙarshen mai kimanin minti 40. Sashen `-reset_timestamps 1` yana da muhimmanci, domin shi ne yake sa agogon kowane yanki ya fara daga sifili, in ba haka ba wasu talabijin sukan rikice wajen nuna tsawon bidiyon ko tura shi gaba. Na bar sunayen da baƙaƙen boko marasa lanƙwasa, ban sa ƙ ko ɗ a ciki ba, domin tsofaffin na'urori sukan nuna irin waɗannan haruffa a matsayin akwatuna. Na ajiye su a farkon filashin ba cikin folda ba, domin Hajiya ta same su da danna biyu, sannan na cire filashin ta hanyar `Eject`, domin FAT32 ba shi da kundin da ke taimaka masa farfaɗowa idan aka fizge shi ana cikin rubutu. Duka ukun sun kunnu, kuma tura gaba da dawo da baya suna aiki.

Wasu hotunan da 'yan uwa suka turo daga wayoyinsu ba su bayyana a talabijin ba sam, da na duba sai na ga ƙarshen sunansu `.heic` ne, wanda shi ma a kan H.265 aka gina shi, sai da na mayar da su JPG suka fito. Had-dis ɗin kuwa yana nan da exFAT ɗinsa da ainihin bidiyon mai cikakken inganci, domin sabon talabijin ko kwamfuta za su buɗe shi ba gardama. Da yake akwai bikin ƙanenmu a gaba kuma mai hoton nan ne zai ɗauka, na rubuta masa abin da nake so tun yanzu: bayan babban kwafin, ya fitar da na biyu a MP4 mai H.264, bit 8, hoto 25 a daƙiƙa, sauti AAC, kowane yanki kada ya wuce minti 45, a filashi mai gigabait 32 ko ƙasa da haka, mai FAT32 da MBR. Ya ce a manhajar tacewarsa zaɓi ne kawai a wurin fitarwa, kuma a Mac, cikin `Disk Utility`, ana kiran tsarin `MS-DOS (FAT)`, teburin kuma `Master Boot Record`.